An Taƙaita Asusun Tallarka a Facebook? Ga Yadda Ake Neman A Sake Dubawa

A ɗauki ɗan Dapchi da ke zaune a Agege, yana tallar busasshen kifin Gashua da Nguru a Facebook, ƙanensa a gida yana masa lodi. Wata safiya sai tallar ta tsaya cak, da jan rubutu a Ads Manager. Kafin ya taɓa komai, ya buɗe business.facebook.com/business-support-home, ya zaɓi asusun, ya karanta dalilin da kamfanin Meta ya bayar. Yawanci ɗayan biyu ne: kuɗi ko doka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

In matsalar kuɗi ce, abin da sauƙi. Tun 2022 ake ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallar 'yan Najeriya. Wanda ya yi tallar naira 20,000, naira 21,500 za a cira. Idan 20,000 cif ya bari a kati, cirar ba za ta yiwu ba, sai a dakatar da tallarsa. A nan ba roƙo ake yi ba: ya shiga Billing & payments, ya sa kuɗi a katin ko ya ƙara wani, ya danna Pay now. Amma fa kada ya riƙa jera katunan mutane daban-daban, don hakan kan sa a zaci satar kati ce. Haka ma in ya ba ƙanensa kalmar sirrinsa, ana shiga daga Legas da Yobe a rana guda. Gara ƙanen ya yi amfani da nasa asusun, a ƙara shi a matsayin mai taimako.

Ta doka ta fi wuya, kuma masu maganin gargajiya ta fi kamawa. Rubuta "Kana fama da basir?" laifi ne a ƙa'idar Meta, domin ka jingina wa mai karatu ciwo. Alkawarin warkewa cikin kwana uku ma haka.

Mai matsayin Admin ne kaɗai zai iya neman a sake dubawa. A wancan shafin na farko zai ga What you can do. Ana iya cewa ya kunna matakin tsaro na biyu, ko ya ɗora hoton katin shaida. Sunan katin ya dace da na asusunsa, wanda nan ne masu sa laƙabi ke faɗuwa. Sannan ya danna Request review, ya faɗi a taƙaice abin da yake sayarwa da kuskuren da ya gyara. Amsa kan zo cikin awa 48, ko da yake takan wuce.

Yayin jira, kada ya buɗe sabon asusu don ci gaba da wannan tallar. Kauce wa hukunci ne, ana iya rufe duka biyun. Masu turo saƙo a Messenger suna neman kuɗi ko lambar sirri don su "buɗe" asusu kuwa 'yan damfara ne, neman dubawar kyauta ne. Kuma kada a yi sakaci: asusun da ya kai wata shida a rufe saboda saɓa doka, ragowar kuɗin da aka loda a ciki na iya salwanta.