Cokali Ɗaya, Maiƙo Daban: Man Gyaɗa, Man Shanu da Majarin

Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da nauyin kusan giram 14, kuma dukkansa maiƙo ne. Kowane giram na maiƙo yana ba jiki kalori 9, saboda haka cokalin yana ɗauke da kalori kusan 120.

Man shanu na kanti ba haka yake ba. Kashi 80 cikin ɗari ne maiƙo, kusan kashi 16 kuma ruwa ne, wanda ba shi da kalori. Cokali ɗaya yana da maiƙo giram 11 da kalori kusan 100. Cikakken majarin, wanda jama'a ke kira bota, daidai yake da shi, amma nau'in da aka rage wa maiƙo ya fi yawan ruwa, kuma ana gane adadin daga rubutun jikin roba.

Ga mai girki, cokali 5 na man shanu ne ke maye gurbin cokali 4 na man gyaɗa.

A Kwadon, kusa da birnin Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa, akan soya ɗanyen man shanu kafin a zuba a miya. Kumfa da ƙarar da yake yi a wuta alamar fitar ruwa ce. Idan ya yi shiru, kalorinsa ya kusa kamo na man gyaɗa.

Sai dai ƙarancin kalori ba ya nufin ƙarancin illa. Daskararren maiƙo, mai ƙara kolestarol a jini, ya kai giram 7 a cokalin man shanu, alhali na man gyaɗa bai wuce giram 2 da ɗoriya ba.