Wa'adin Ranar 31 ga Maris: Bayani ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Ɗanzomo da Kewaye

A ranar 26 ga Yuni 2025 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda manyan biyu daga cikinsu, wato Dokar Haraji ta Nijeriya da Dokar Gudanar da Haraji, suka fara aiki daga ranar 1 ga Janairu 2026. Mun shirya wannan bayani domin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na Ɗanzomo da sauran garuruwan Ƙananan Hukumomin Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa, da kuma dagatai da ma'aikatan da jama'a kan tunkara da tambaya.

Abin da ake nufi da wa'adin

Duk mutumin da ke gudanar da sana'a ta ƙashin kansa, doka ta ɗora masa nauyin cike takardar bayanin abin da ya samu a shekara, ya miƙa ta ga hukumar haraji ta jihar da yake zaune, kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris na shekarar da ke biye. A nan jihar, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Jigawa ce ke karɓar wannan takarda. Ke nan abin da aka samu daga Janairu zuwa Disamba 2026, wa'adin bayaninsa shi ne ranar Laraba 31 ga Maris 2027, jajibirin kasuwar Maigatari.

Ita wannan rana ba sabuwa ba ce, domin tsohuwar doka ma ta ba da kwana 90 daga farkon shekara. Sabon abu shi ne girman tarar da aka ɗora wa wanda ya makara: Naira 100,000 a watan farko, sannan Naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya muddin ba a miƙa takardar ba. Har ila yau, dokar ta bayyana cewa miƙa bayanin wajibi ne ko da lissafi ya nuna babu harajin da za a biya, kuma ba sai hukuma ta aiko da takardar kira ba. A nan ne muke ganin mutane da yawa za su iya faɗawa cikin asara. Telan da ribarsa ta shekara ba ta wuce Naira 600,000 ba, ko kwabo ba ya cikin harajinsa, amma idan ya yi zamansa yana cewa ai shi ba ya cikin masu biya, dokar ta ba da damar a ci shi tara saboda rashin miƙa bayani.

Misali da lissafi

A ɗauki ɗan kasuwa mazaunin Ɗanzomo da ke sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka yana kaiwa Maigatari da Dawanau ta Kano. A ce a shekarar 2026 ya yi cinikin Naira 14,000,000. Kayan da ya sayar ɗin ya saye su a kan Naira 10,500,000, ya kuma kashe Naira 1,100,000 wajen kuɗin mota, buhuna, dako, hayar sito da kuɗin kasuwa. Idan aka cire waɗannan biyu daga cinikin, ribarsa ta zama Naira 2,400,000. A kan wannan riba ake lissafin haraji, ba a kan cinikin gaba ɗaya ba, ba kuma a kan duk kuɗin da ya ratsa asusunsa na banki ba.

Bisa sabon tsarin, Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, daga nan kason ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. Shi ɗan kasuwarmu, bayan an ware 800,000, saura Naira 1,600,000, kuma kashi 15 cikin ɗari nasu shi ne Naira 240,000. Wannan shi ne harajinsa na shekara. Da gidan haya yake zaune, da an rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar daga ribar kafin lissafi, ragin da ba ya wuce Naira 500,000. Amma mai zaune a gidansa ko na gado ba shi da wannan rangwame.

To, a ce hidimar kasuwa ta ɗauke masa hankali, bai miƙa takardarsa ba sai cikin watan Yuli 2027. Tarar Afrilu Naira 100,000, ta Mayu da Yuni da Yuli Naira 150,000, jimla Naira 250,000. Tarar ta fi harajin kansa yawa, kuma biyanta bai ɗauke masa biyan Naira 240,000 ɗin ba. A lura kuma cewa azumi da ƙaramar salla na 2027 za su faɗo ne a Fabrairu da farkon Maris, lokacin da ba kasafai ake samun sukunin zama a kan lissafi ba. Shawararmu ita ce a kammala wannan aiki tun cikin Janairu.

Inda aka fi yin kuskure

Babban abin da ke ɓata lissafin mai sayen amfanin gona shi ne kayan ajiya. Buhunan riɗin da suka rage a sito ranar 31 ga Disamba ba a sa kuɗinsu cikin abin da aka kashe a wannan shekara, sai a shekarar da aka sayar da su. Saboda haka ya kamata a ƙirga su a ranar, a rubuta adadi da farashin saye. Haka nan cefanen gida, kuɗin makarantar yara da hidimar biki ba sa cikin kashe-kashen sana'a. Wanda kuma ba ya rubuta komai, dokar ta ba hukuma ikon yanke masa haraji ta hanyar ƙiyasi. Idan takardar ƙiyasin ta zo kuma bai gamsu ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, amma ƙorafin da ba littafi ko rasidi a bayansa da wuya ya tsaya.

Rasidin kuɗin kasuwa ko na rumfa da aka biya Ƙaramar Hukuma ba ya maye gurbin wannan takarda. A adana shi, domin shaida ce ta kuɗin da aka kashe a sana'a.

Wasu kuma kan ɗauka cewa da zarar sun yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC sun zama kamfani. Mai sunan kasuwanci kawai yana nan a matsayin mutum ɗaya, wa'adinsa 31 ga Maris, hukumarsa ta jiha. Cikakken kamfani shi ne ke miƙa bayaninsa ga hukumar tarayya ta NRS, wadda ta gaji FIRS, cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Wanda ya rufe a Disamba, wa'adinsa 30 ga Yuni. Wanda ke da ma'aikata masu albashi yana da wani wa'adi dabam, ranar 31 ga Janairu, domin miƙa bayanin albashinsu da harajin da ya cire a shekarar da ta gabata.

Wanda bai iya cike takardar da kansa ba yana iya neman masanin haraji da aka tantance ya yi masa, ya tafi da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, da littafin cinikinsa da rasidansa. Sai dai ba wa wakili takardu ba daidai yake da miƙa su ga hukuma ba, kuma idan wakilin ya makara, sunan mai sana'a ne ke kan tarar. A nemi shaidar karɓa mai ɗauke da kwanan wata daga hukumar, a ajiye ta tare da rasidin biyan haraji.