Tafinta da Wasan Barkwanci a Ƙasar Gusau

Duk wanda ya yi aikin tafinta tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu ya san cewa ba manyan kalmomin likita ko na shari'a ne suka fi kayar da mutum ba. Waɗannan ana haddace su. Abin da ke tsayar da tafinta cik shi ne lokacin da wani dattijo ya jefa magana, zaure ya ɗauka da dariya, baƙon da ake yi wa fassara ya juyo yana tambaya: me ya ce? Idan ka maida masa kalmomin yadda suke, zagi zai ji. Idan ka ce masa wasa ne kawai, ka bar shi a waje, kuma zai fara zargin kana ɓoye masa wani abu.

Tsofaffin da muka koyi aikin a hannunsu sun gaje shi ne daga tafintocin zamanin Turawa. Bayan an ci Sakkwato a 1903, tafinta da masinja su ne bakin jami'in mulki kuma su ne kunnensa. A wancan lokaci hanyar da aka fi bi da raha ita ce a haɗiye ta. Tafinta ya isar da zancen haraji da na iyaka, abin dariya kuwa ya bar wa masu shi. Wannan ya rufa wa mutane da yawa asiri, domin habaicin da talaka ya yi a gaban Bature ba ya isa kunnensa. Amma ya bar mana gadon da har yau muke fama da shi: ɗaukar cewa raha ba ta cikin saƙo, ado ce da za a iya cirewa.

Masu rubutu sun bi wata hanyar. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki daga Lardin Sakkwato aka tattaro shi, lardin da Gusau take ciki a lokacin. Akwai labaran tsokanar ƙabilu da na garuruwa a cikinsa. Sai a 1969 juzu'in farko na fassarar Neil Skinner ya fito da Turanci. Mai fassara a takarda yana da abin da mu ba mu da shi, wato gabatarwa da bayanin ƙasan shafi. A 1940 kuma Radcliffe-Brown ya buga maƙalarsa a kan dangantakar wasa tsakanin al'ummu, sai sunan da Turanci yake kiran abin da shi ya ƙara yaɗuwa. Suna ya taimaka, amma suna ba ya sa mutum dariya, kuma ba ya gaya maka wa ke wasa da wa a Kwatarkwashi.

Wannan tambaya ta wa ke wasa da wa ita ce gindin aikin, kuma a ƙasarmu ta fi yadda baƙo yake zato sarƙaƙiya. Tun da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, mutumin nesa yakan ɗauka duk ɗan jihar Bazamfare ne. Sarautun kansu sun isa su gyara masa. Sarkin Gusau Sarkin Katsina ne, domin garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa yana cikin tsohuwar ƙasar Katsina ta yamma. Na Tsafe 'Yandoto ne, sunan tsohon garin malamai na wannan yanki. Na Bungudu Sarkin Fulani ne. Ke nan a tafiyar da ba ta kai yini ba za ka ratsa Katsinawa da Fulani da Zamfarawa da Gobirawa, kowa da abokin wasansa. Bafulatani da Babarbare. Bakatsine da Banufe. Bazamfare da Badakkare. Bagobiri da Bayarabe, wasan da ya samu fili sosai a Gusau bayan jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, Yarbawa suka zo fatauci da aikin reluwe suka zauna a Sabon Gari. Ban da wasan taubasai da na jika da kaka, waɗanda ba a gane su daga zane ko karin harshe, sai an san gidan.

Ga yadda abin yake a aikace. An taɓa ɗaukata tafinta a wani taron wayar da kai kan rigakafi, a wata ruga ta ƙasar Bungudu. Cikin tawagar akwai wata baƙuwa da ba ta jin Hausa, akwai kuma ma'aikacin lafiya ɗan Barno. Ana gama gaisuwa, Arɗo ya ji karin harshen ma'aikacin, ya dube shi ya ce:

"Af, ashe bawanmu ne aka ɗora wa jakar allura. Ku kawo masa fura ya sha, ya san ya zo gidan iyayengijinsa."

Ma'aikacin bai ko ɗaga kai daga akwatin sanyi ba ya ce:

"Baffa, ai kiwona na zo dubawa. In ƙirga shanun, in ƙirga masu tsaron su."

Wuri ya kaure da dariya, har matan da ke bayan zana. Baƙuwa ta dube ni.

Abu na farko da tafinta yake yi a nan ba fassara ba ce, tantancewa ce, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shin akwai wasa tsakanin asalin mutanen biyu? Akwai. Shin wanda aka jefa ya rama? Ya rama, kuma da irin makamin da aka jefe shi, wato iƙirarin mallaka. Wannan ramuwa ita ce babbar shaida, domin barkwanci ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Idan aka jefi mutum ya yi shiru ko ya sunkuyar da kai, to a sake duba lamarin. Sannan su wa suka yi dariya? Idan ɓangare ɗaya ne kawai, akwai magana. A nan kowa ya yi.

Sai abu na biyu, wato jerin da za a faɗi zancen. Dangantaka ake fara faɗa, kafin kalmomi. Na ce mata mutanen Arɗo da mutanen wannan ma'aikaci abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowane ɓangare yana cewa shi ne ubangidan ɗayan, kuma ba a fushi. Jimla biyu ke nan. Bayan nan na kawo maganar Arɗo da amsar da aka ba shi a jere, ba tare da na raba su ba, don ta ji su a matsayin jifa da ramuwa. Da na fara da kalmar bawa, da ba za ta ƙara jin komai ba, domin a kunnen mai jin Turanci wannan kalma tana ɗauke da tarihin cinikin bayi na ƙetaren teku, kuma bayanin da ya biyo bayanta zai zama kamar ban haƙuri. Wasu abokan aikinmu sukan sauya ta da yaron gida ko ƙane. Ban yarda da haka ba idan akwai lokacin bayani, saboda zafin kalmar shi ne ma'aunin amincin: ana faɗin abu mafi muni ne don a nuna ba zai ɓata komai ba.

Abu na uku shi ne wanda tafintocin dā suke zubarwa. Na ƙara mata da cewa wannan maganar karɓa ce. Arɗo ya shaida wa jama'arsa cewa mai allurar nan na gida ne, har an umurci a ba shi fura. Wannan shi ne labarin da ta fi bukata a duk taron, kuma ba a faɗe shi da wata siga ba sai ta wasa. Ba ta yi dariya ba, kuma ban nemi ta yi ba. Dariyar ta riga ta wuce. Abin da ake iya cetowa shi ne aikin da dariyar ta yi.

Gatse da habaici dabam suke, kuma a ganina sun fi haɗari, domin ba su da taswirar asali da za ka dogara da ita. Mutum ya ce wa wanda ya ɓata masa rai "ka kyauta", ko ya tarar da mai zaman banza ya ce "sannu da aiki". Murya ce ke juya ma'anar. A zauren alƙali, inda kowa ke jin Hausa, ba a samun matsala. Matsalar tana zuwa ne idan an ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke aiki da Turanci, aka fassara bayanan shari'ar. A takarda murya ta mutu, sai "ka kyauta" ta koma godiya, wanda ya yi ƙorafi ya zama kamar ya amince. Dabarar da muka koya ita ce a rubuta kalmomin yadda aka faɗe su, a biyo da ɗan bayani cewa da gatse aka yi, kuma idan ana shakka a roƙi alƙali ya tambayi mai maganar abin da yake nufi. Ba aikin tafinta ba ne ya yanke wannan shi kaɗai. Habaici kuwa da gangan ake barin sa babu suna. Tafintan da ya ce "da kai yake" ya faɗi abin da mai maganar ya ƙi faɗa, ya kuma ɗauki rigimar da ba tasa ba.

Masu fassara finafinan Indiya a Kano sun zaɓi hanyar musanya: su jefar da rahar asali su dasa ta Hausa a gurbinta, har ka ji jarumi yana tsokana kamar ɗan tasha. Hanyar tana aiki a can domin dariya ake saye. A kotu ko asibiti ko zaman sulhu ba ta halatta, domin wani zai ɗauki mataki a kan abin da ka ce an ce.

A ƙetaren iyaka, Nijar ta kai wasan barkwanci gaban UNESCO, aka sanya shi cikin jerin al'adun gado a 2014. Mu a nan kuwa shekarun rashin tsaro sun sauya nauyin wasu maganganu. Tsokanar da ta shafi shanu ko daji, wadda Babarbare zai yi wa Bafulatani a dā a tashi lafiya, yau idan aka naɗe ta a waya ta bar zauren da aka yi ta, babu ramuwar, babu fuskokin, sai ta yi kama da tuhuma. Akan kawo mana irin waɗannan muryoyi a ce a maida su Turanci don rahoto ko bincike. Kafin in taɓa su nakan nemi sanin wanda ya yi maganar da wanda ya yi wa, da abin da aka faɗa kafin ta da bayanta. Idan an yanke amsar, nakan rubuta a saman fassarar cewa rabin zance ne, kuma ba za a iya gane wasa ne ko gaske ba sai an samo ɗaya rabin. Yaran da suke shigowa aikin yanzu sun fi mu Turanci, amma da yawansu sun tashi a cikin gari ba su san abokin wasan gidansu ba, don haka darasin farko da nake ba su shi ne su je su tambayi kakanninsu.