Yadda man fetur ke samuwa: misalin Kolmani

Asalin man fetur da iskar gas ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce, laka ta binne su. Lakar nan ce ta daskare ta zama dutsen da ke haifar da mai. In dutsen ya nutse har zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 120, sai ya fara fitar da mai. In zafin ya zarce haka, gas ake samu.

To, mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa kullum sama yake yi. Dole ya samu dutse mai ƙofofi kamar soso da zai shige shi, irin dutsen yashin Bima. Dole kuma a samu murfi a bisansa, wato dutsen laka da ba ya yoyo. Sannan shimfiɗar duwatsun ta lanƙwashe kamar kifaffiyar ƙwarya, inda man zai taru.

In ɗaya ya ɓace, an yi asarar kuɗin haƙa. Rijiyar da aka tarar da tabon mai amma ruwa ke fitowa, alama ce mai ya bi ta wurin ya tsere.

A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gwambe, NNPC ta sanar da samun mai a 2019. Jalingo ma tana dab da Kwarin Binuwai inda Kolmani take, amma maƙwabtaka ba ta isa hujja ba. Sai huɗun nan sun haɗu a wuri guda.