Minti 120, Tambayoyi 180: Rabon Lokaci a Jarrabawar JAMB

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar UTME kan kwamfuta gaba ɗaya. A tsarin da ake bi yanzu, ɗalibi na amsa tambayoyi 180 cikin minti 120: sittin na Ingilishi, sai arba'in-arba'in a sauran darussa uku. Idan aka raba, kowace tambaya ta tashi a daƙiƙa 40, kuma wannan adadi ne malamai da dama ke nanata wa ɗalibai. A ganina yana ɓatar da ɗalibi fiye da yadda yake taimakonsa, musamman wanda ya tashi a gari irin Turawa ta ƙaramar hukumar Ƙaraye, ko a ƙauyukan Rogo, ya saba da takarda da biro, inda ido ke iya leƙa shafi gaba ɗaya ya tsinci mai sauƙi. A kan kwamfuta tambaya ɗaya ake nuna maka, kuma agogon da ke kan allo baya yake ƙirgawa.

Tambayoyin ba nauyinsu ɗaya ba. Ta Bayoloji, ko ka sani ko ba ka sani ba, daƙiƙa 25 ta ishe ta; ta lissafin Fizik kuwa takan ci minti ɗaya da rabi. Don haka darasi ya kamata a yanka wa lokaci, ba tambaya ba.

Mu ɗauki ɗalibar da ke neman karatun likita a Jami'ar Bayero ta Kano. Sai ta fara da Bayoloji, tunda nan ta fi ƙarfi, ta ba shi minti 18. Ingilishi 32, Kemistiri 25, Fizik 30, ta ajiye 15 na komowa baya. Abin da za ta haddace kafin ta shiga shi ne abin da agogo zai nuna a kowane zango: saura awa ɗaya da minti 42 bayan Bayoloji, saura awa ɗaya da minti 10 bayan Ingilishi, saura 45 bayan Kemistiri, saura 15 bayan Fizik. Duban agogo sau huɗu ya wadatar. Mai kallonsa bayan kowace tambaya fargaba kawai yake ƙara wa kansa. In zango ya cika tana da sauran tambayoyi biyar, ta zaɓa musu amsa da sauri ta wuce. Kada ta ci bashin lokacin darasi na gaba, don ba za ta iya biya ba.

Batun tsallake tambaya ya fi buƙatar bayani. Kowane darasi maki 100 ne, don haka idan aka raba daidai, tambayar Fizik ko Bayoloji maki biyu da rabi ce. Minti uku da aka kashe kan tambaya guda mai taurin kai ya isa a amsa shida na Bayoloji, wato an jinginar da maki 15 domin biyu da rabi. To amma ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, saboda haka tsallakewa ba ya nufin barin gurbi fanko. Idan ɗaliba ta karanta tambaya sau biyu ba ta ga hanya ba, ta fitar da zaɓuɓɓukan da ta tabbata ba su ba ne, ta danna ɗaya cikin sauran, sannan ta danna N ta wuce gaba. Cikin zaɓi huɗu, canki-canka na dacewa sau ɗaya a huɗu. In ta fitar da biyu, ya zama rabi da rabi.

Akwai tarko a nan. Da zarar ta danna harafi, allo zai lissafa tambayar cikin waɗanda aka amsa, ba za ta sake gane ta ba. Dole ta rubuta lambar a takardar lissafi da aka ba ta, ta kuma ja layi ƙarƙashin waɗanda ta san hanyarsu, tsawo ne kawai ya hana. Su za ta fara komawa, domin minti 15 ba ya ɗaukar fiye da tambayoyin lissafi takwas ko tara. Idan jerin ya haura goma a darasi ɗaya, matsalar ba ta lokaci ba ce, karatun ne bai nuna ba.

Za a iya cewa wannan rabo ya ƙuntata wa mai jinkirin karanta Ingilishi, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Irin wannan ɗalibi ya ƙara wa Ingilishi minti biyar daga darasin da ya fi ƙwarewa, ya gwada rabon a gida da tsofaffin tambayoyi da agogon waya har zangunan su zauna masa. Sannan kada ya tsallake tambayoyin da ke bin dogon nassi, domin komowa gare su na nufin sake karanta nassin daga farko. Ya gama da su a zama ɗaya, tun abin da ya karanta bai gushe masa ba.