Tarihin Lissafin Tsallen Ruwa a Magudana Mai Kusurwa Huɗu

Tsallen ruwa shi ne abin da ke faruwa idan ruwa mai tsananin gudu da ƙarancin zurfi ya ci karo da ruwa mai zurfi da ke tafiya a hankali. A cikin ɗan taƙi kaɗan sai fuskar ruwan ta tashi sama, ta yi kumfa, sashen saman ya riƙa juyowa baya yana birgima, daga nan ruwan ya wuce a natse. Ana ganinsa a ƙarƙashin ƙofofin madatsun ruwa da gindin hanyoyin da rarar ruwan dam ke zubowa. Injiniyoyi sun fi nazarinsa a magudana mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da bango biyu a tsaye, domin a can ne lissafin ke fita tsaf. Tambayoyi biyu ake yi a kansa: wane zurfi ruwan zai kai bayan tsallen, kuma makamashi nawa ya rasa? Tarihin wannan fanni kusan duka tarihin gano cewa tambayoyin nan suna da tsari ne, ta farko dole a amsa ta ba tare da an taɓa makamashi ba, sannan amsarta ta buɗe ƙofar ta biyu.

Leonardo da Vinci ya lura da abin ya kuma zana shi a wajajen farkon ƙarni na 16, amma awo na farko mai tsari na Giorgio Bidone ne, malami a Jami'ar Turin ta Italiya, wanda ya buga sakamakon gwaje-gwajensa a 1820. Ya auna zurfin ruwa kafin tsallen da bayansa a ƙaramar magudana, kuma har yau Italiyawa da sunansa suke kiran tsallen. A 1828 injiniyan Faransa Jean-Baptiste Bélanger ya yi ƙoƙarin bayyana alƙaluman Bidone da ƙa'ida. Ya ɗauki ƙa'idar Bernoulli, ya ƙaddara cewa makamashin ruwan kafin tsallen daidai yake da na bayansa, ya fitar da zurfin daga nan. Wannan kuskure ne, kuma shi da kansa ya gyara shi a darussan da ya koyar a makarantar injiniyoyin gadoji da hanyoyi ta Paris daga farkon shekarun 1840, inda ya koma ga ƙa'idar momentam, wato yawan ruwan da ke tafiya a ninka da gudunsa. Jacques Bresse ya kawo wannan hanya a littafinsa na 1860 tare da lissafin makamashin da ke ɓacewa, Darcy da Bazin kuma suka ƙara awo daga magudanun gwajinsu na kusa da Dijon a 1865.

Hujjar gyaran mai sauƙi ce idan aka bi ta a hankali. A cikin tsallen ruwan yana dagulewa, yana haɗiyar iska, yana gogar kansa, kuma babu wanda ya san adadin makamashin da wannan rikici ke ci kafin a yi lissafi. Duk wanda ya rubuta daidaiton makamashi yana da abubuwa biyu da bai sani ba, zurfi da asara, a cikin ƙa'ida guda. Momentam kuwa bai damu da abin da ke faruwa a ciki ba, domin ƙarfin da ɓangarorin ruwa ke yi wa junansu yana soke kansa. Abin da ya rage shi ne ƙarfin da ke zuwa daga waje: matsin ruwa a yankan da ke gaban tsallen da matsinsa a yankan da ke bayansa. Bambancin matsin nan biyu shi ke rage gudun ruwan. Idan aka haɗa wannan da cewa yawan ruwan da ya shiga shi ne ya fita, sai a sami ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Bélanger:

```
Fr1 = V1 / √(g·y1)
y2 / y1 = ½ (√(1 + 8·Fr1²) − 1)
ΔE = (y2 − y1)³ / (4·y1·y2)
```

A nan y1 da V1 su ne zurfi da gudu kafin tsallen, y2 zurfin bayansa, g kuma saurin jan ƙasa, 9.81. Fr1 ita ce lambar Froude, wadda ke kwatanta gudun ruwan da gudun ƙaramar igiya a kan ruwa mai wannan zurfi. Sai ta haura 1 tsalle ke yiwuwa. Layi na uku shi ne asarar makamashi, ana auna ta da mita na tsayin ruwa, kuma ba a iya rubuta shi sai y2 ya samu.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin da Bélanger ya gyara. A ɗauki magudana mai faɗin mita 5, ruwa na fitowa daga ƙarƙashin ƙofa da zurfin mita 0.4 da gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kubik mita 20 a kowace daƙiƙa. Lambar Froude ta kama 5.05. Idan aka ninka ta da kanta, aka ninka da 8, aka ƙara 1, za a sami kusan 204.9, wanda tushensa 14.31 ne. A cire 1 a raba biyu, ya zama 6.66, saboda haka zurfin bayan tsallen mita 2.66 ne, gudun kuma ya sauko zuwa mita 1.5 a daƙiƙa. Yanzu ne za a waiwayi makamashi. Kafin tsallen, zurfi da rabon gudu, wato V²/2g, sun haɗu sun ba da mita 5.50, bayansa sun ba da mita 2.78. Asarar mita 2.72 ce, kusan rabin abin da ruwan ya zo da shi, kuma layi na uku na ƙa'idar yana ba da wannan adadin daidai, abin da ya sa ya dace a yi lissafin ta hanyoyin biyu don kama kuskure. A wannan yawan ruwa asarar ta kai kilowat 530 da ɗoriya. Da an bi hanyar 1828, an ce babu asara, da zurfin da za a samu mita 5.47 ne, fiye da ninki biyu na gaskiya.

To yaya mutum mai basira irin Bélanger ya kwatanta ƙa'idarsa ta farko da awon Bidone bai ga gibin ba? Amsar tana cikin layi na uku. Asarar tana bin tsayin tsallen ne a ninke da kansa sau uku, don haka a ƙananan tsalle irin na ɗakin gwaji ba ta da yawa. A lambar Froude 1.5, hanyar momentam tana cewa zurfi zai ninka sau 1.68, hanyar makamashi tana cewa 1.76, bambancin da kuskuren awo a ruwa mai kaɗawa zai iya ɓoyewa. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a tarihin: dacewar ƙa'ida da awo a ƙaramin zango ba ta tabbatar da ita ba, kuma gibin bai bayyana sosai ba sai a irin gudun da manyan madatsu ke haifarwa.

Akwai mai cewa makamashi ai ba ya ɓacewa, don haka maganar asara sakaci ne. Gaskiya ne ba ya ɓacewa, yana komawa zafi ne ta hanyar dagulewar ruwa. Amma a misalin da ya gabata zafin ruwan ba zai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba, kuma wannan zafi ba zai sake ɗaga ruwan ko tura shi ba. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa tsalle ke tafiya ta fuska ɗaya kawai, daga gudu zuwa natsuwa. Ƙa'idar momentam ita kaɗai za ta yarda da akasin haka, amma sai ruwan ya sami makamashi daga babu, abin da Lord Rayleigh ya fayyace a 1914 a nazarinsa kan dogayen igiyoyi.

Suka mafi ƙarfi ita ce ƙa'idar ta yi watsi da gogayyar ruwa da ƙasan magudana, ta ɗauka ƙasan a miƙe yake, gudun kuma iri ɗaya ne daga sama har ƙasa. Duka wannan gaskiya ne, kuma ƙarni na 20 ya gwada shi. Bayan ambaliyar Dayton ta 1913 a jihar Ohio ta Amurka, injiniyoyin hukumar da aka kafa don kare kwarin kogin Miami sun yi gwaje-gwaje, waɗanda Riegel da Beebe suka buga a 1917, domin su yi amfani da tsallen da gangan wajen karya ƙarfin ruwa a gindin madatsu. Boris Bakhmeteff da Arthur Matzke a Jami'ar Columbia sun buga awo mai tsari a 1936, suna jera sakamakon bisa lambar Froude. Abin da ya fito shi ne a magudana mai santsi da ƙasa a miƙe, zurfin da aka auna yana bin ƙa'idar ƙut da ƙut, yakan ɗan gaza ta kaɗan saboda gogayya. Dalili kuwa tsallen gajere ne, gogayyar da ke cikin wannan taƙi ƙarama ce idan aka kwatanta da bambancin matsi. Inda ƙasan ya gangara, ko aka kafa tubalan kankare a ciki, ko bangon ya karkata, dole a ƙara nauyin ruwa ko ƙarfin tubalan a cikin lissafin, amma hanyar ba ta canza ba, momentam ne dai farko.

Abin da ƙa'idar ba ta iya faɗa shi ne tsawon tsallen da halinsa, kuma nan ne aikin Bradley da Peterka na hukumar madatsun ruwa ta Amurka, wanda aka buga a 1957 da 1958, ya zama abin dogaro. Sun nuna cewa tsakanin lambar Froude 2.5 da 4.5 tsallen ba ya zama wuri ɗaya, yana jefa igiyoyi da ke cin gaɓar kogi har nesa, yayin da tsakanin 4.5 da 9 yake tsayawa daram, yana cin kashi 45 zuwa 70 cikin ɗari na makamashi, tsawonsa kuma kusan ninki shida na y2. Misalinmu ya faɗa cikin wannan zango, kuma zai buƙaci daɓen kankare na kimanin mita 16.

Saura abu guda da masu koyo suka fi mantawa. Adadin y2 ba alkawari ne cewa ruwan zai kai wannan zurfi ba, sharaɗi ne da tsallen ke nema daga ruwan da ke ƙasa da shi, wanda kogin ko wata ƙofa ta gaba ke ƙayyade zurfinsa. Idan ruwan ƙasan bai kai mita 2.66 ba, tsallen zai zame gaba ya sauka daga kan daɓen, ruwa mai gudun mita 10 ya riƙa haƙar ƙasa a gindin ginin. Alamarsa ita ce santsin ruwa mai sheƙi da ya miƙe har ƙarshen kankare da rami da ke zurfafa a bayansa. Idan kuma ruwan ƙasan ya wuce y2 da yawa, tsallen zai koma baya ya nutsar da bakin ƙofar, kumfa ta ragu, ruwa mai gudu ya riƙa bi ta ƙasa zuwa nesa ba a ganinsa. Saboda haka mai zane yakan lissafa y2 ga kowane yawan ruwa da ake sa rai, daga na rani zuwa na ambaliya, ya kwatanta shi da zurfin kogin a wannan yawan, inda kogin ya gaza kuma sai ya zurfafa daɓen da gwargwadon gibin.