Kafin ka kai ƙarar bashi kotu a Bauchi: yadda ake lissafa ko wa'adi ya wuce

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Sabon Ibadan, Anacha da Fatakwal muna da kuɗi a hannun mutane a gida. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, kuma a harkarmu rabin ciniki bashi ne: a ɗauki kaya yau, a ce sai an sayar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kotu tana da agogo. Doka ta yanka wa yawancin ƙararraki wa'adi, idan ya cika ba ka shigar ba, alƙali ba zai saurari shaidunka ba komai gaskiyarka. Shi ya sa lauyan kirki ba ya fara rubuta takardar ƙara sai ya zauna ya yi lissafin ranaku. Wannan lissafi nake son in shimfiɗa, don mutum ya iya yin na farko da kansa kafin ya biya kuɗin mota zuwa Bauchi.

Ranaku biyu kotu ke dubawa

Kotun Ƙoli ta fayyace hanyar a shari'ar Egbe da Adefarasin a 1987. Alƙali zai ɗauki takardar sammaci da takardar da mai ƙara ya zayyana da'awarsa, ya nemo ranar da aka ce an tauye haƙƙin, sannan ya dubi ranar da aka shigar da ƙarar. Idan tazarar da ke tsakani ta fi abin da doka ta yarda, magana ta ƙare, za a kori ƙarar.

A lura, daga takardar da lauyanka ya rubuta da hannunsa za a ɗauki ranar farko. Ke nan idan bai yi lissafi ba kafin ya rubuta, shi da kansa zai miƙa wa abokin shari'arka makamin da zai sare ka da shi. Kuɗin lauya, kuɗin shigar da ƙara da zirga-zirgar Legas zuwa Bauchi duk sun tafi a banza.

Shekara nawa ne wa'adin?

Ba lamba ɗaya ba ce a faɗin Najeriya, domin kowace jiha da dokarta. A Legas, bashi da yarjejeniyar ciniki ta yau da kullum shekara 6 ne, ƙarar karɓo fili kuma shekara 12. A Ribas da Kaduna shekara 5 ne ga bashi, 10 ga fili. Nan ne mutanenmu na kudu ke tuntuɓe. Mutum ya ji a Legas ana cewa shekara shida, sai ya ɗauka haka take ko'ina.

Don haka tambayar farko ga lauya ita ce: a wace jiha za mu shigar? Galibi ana kai ƙara inda wanda ake bi yake zaune, ko inda aka shirya za a biya kuɗin. Idan Bauchi ce, ka ce ya buɗe dokar da Babbar Kotun Jihar Bauchi ke aiki da ita, ya nuna maka sashen da ya shafi irin ƙararka. Kafin nan, kai a naka lissafin riƙe ƙaramar lambar, wato shekara 5. Wanda ya yi sauri bai yi asarar komai ba.

Daga wace rana ake fara ƙirgawa?

Ana farawa daga ranar da ka samu damar kai ƙara, wato ranar da biya ya wajaba aka ƙi biya. Idan kun yanka rana, daga ranar ne. Ba daga ranar da kuka yi faɗa ba, ba kuma daga ranar da haƙurinka ya ƙare ba. Idan ba ku yanka rana ba, mafi aminci ka ƙirga daga ranar da aka miƙa kayan.

Bari mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa mazaunin Agege ya zo gida, ya bar wa wani mahauci a cikin garin Bauchi shanu bashi a kan naira miliyan 3, ranar 10 ga Maris 2019. Suka yi alkawari za a biya ranar 10 ga Afrilu 2019. Ranar ta zo ba a biya ba. To daga nan agogo ya fara tafiya. A lissafin shekara 5, ƙofa za ta rufe a Afrilun 2024. A lissafin shekara 6, Afrilun 2025.

A ce sai a Janairun 2025 mai shanun ya je wurin lauya. A lissafin Legas da ya riƙe a kansa, yana da saura kusan wata uku. A lissafin shekara 5 kuwa, ya makara da wajen wata tara. Bashi ɗaya, mutum ɗaya, amma amsa biyu, kuma abin da ya raba su shi ne dokar da za a yi aiki da ita.

Abin da ke sake tayar da agogo

Lauyan da ya san aikinsa ba zai sallami mutumin nan ba tukuna. Zai tambaye shi: a tsakanin nan, ya taɓa ba ka wani abu daga cikin kuɗin? Ya taɓa rubuta maka cewa kana bin sa?

Dalili shi ne, a bashin kuɗi abu biyu suna sa a fara ƙirge daga farko. Na ɗaya, wanda ake bi ya biya wani ɓangare. Na biyu, ya amsa bashin a rubuce, ya sa hannu. A misalinmu, a ce mahaucin ya tura naira dubu 500 ta banki ranar 20 ga Agusta 2020. To sauran miliyan 2 da rabi, lissafinsu zai fara daga wannan rana. Shekara 5 za su cika a Agustan 2025, ke nan a Janairun 2025 ƙarar tana da rai, da saura kusan wata bakwai.

Amma sai an iya nuna biyan. Alat ɗin waya yana ɓacewa idan waya ta faɗi ko aka sauya layi, don haka a je banki a ciro takardar shige da ficen asusu. Kuma dole lauya ya ambaci wannan biya da ranarsa a cikin takardar da'awa. Idan ya rubuta 10 ga Afrilu 2019 kawai ya yi shiru, a idon alƙali ƙarar matacciya ce.

Abin da ba ya tsayar da agogo

Zaman sulhu ba ya tsayar da shi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa a 1994: tattaunawa tsakanin ɓangarori ba ta hana wa'adi ci gaba da tafiya. Mu kuwa al'adarmu ce a kai magana wurin sarkin pawa, shugaban kara ko limamin unguwa, kuma hakan yana da kyau. Sai dai "wallahi bayan Sallah zan biya" da baki, ko a gaban mutum ashirin, ba amsawa a rubuce ba ce. Kada kuma a dogara da saƙon murya. Idan an zauna sulhu, a tashi da takarda: nawa ake bi, wa ke bin wa, kwanan wata, da sa hannun wanda ake bi. Takardar neman biya da kai ka aika masa ita ma ba ta sabunta komai, domin hannunsa ake nema, ba naka ba. Zamanka a kudu ma ba uzuri ba ne a irin wannan ƙara.

Akwai 'yan wuraren da doka ke ɗaga ƙafa, kamar idan mai haƙƙin ƙaramin yaro ne ko mai taɓin hankali a lokacin, ko kuma an ɓoye masa abin ta hanyar zamba. Waɗannan sai an kafa hujjarsu, ba a ɗaukarsu a matsayin hanyar tsira ga wanda ya yi sakaci.

Idan da jami'in gwamnati ne: wata uku

Wannan shi ya fi gajarta, ya kuma fi cin mutane. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da za a kai a kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa, a shigar da ita cikin wata 3. A shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna a 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomin kansu. To idan jami'ai sun tsare maka mota shanu suka mutu, kwanaki za ka ƙirga, ba shekaru ba. Kotuna sun ce wannan wa'adi bai shafi ƙarar saɓa kwangila ko ta karɓo fili ba, kuma dokokin 2009 na neman 'yancin ɗan Adam sun cire wa'adi daga irin wannan ƙorafi. Amma lauya ne zai tantance rukunin da matsalarka ta faɗa, kuma gara ya gan ka a makon farko.

A kotun shari'ar Musulunci

Bauchi tana da kotunan shari'ar Musulunci, kuma can lissafin daban ne. A addini, daɗewa ba ta sauke bashi daga wuyan mutum. Ko a dokar boko ma, cikar wa'adin bashi ƙofar kotu take rufewa, ba ta ce an biya ba. Wanda ake bi kada ya ɗauka ya samu halal.

Inda lokaci ke aiki sosai shi ne hauzi, a kan gida da gona. A mazhabar Malikiyya, idan wanda ba danginka ba ya riƙe fili shekara 10, yana gini yana noma a matsayin nasa, kana nan kana gani, babu abin da ya hana ka magana amma ka yi shiru, ba za a saurari da'awarka ba. Tsakanin 'yan uwa wa'adin ya fi tsawo, kotuna kan ambaci shekara 40. Abin da aka bayar aro, haya, jingina ko amana ba ya zama hauzi, amma sai ka iya nuna cewa haka aka ba da shi. Mai zuwa gida duk Sallah yana ganin an kewaye filinsa, da wuya ya ce bai sani ba.

Abin da za ka riƙa zuwa wurin lauya

Ka rubuta ranaku huɗu a takarda ɗaya: ranar ciniki, ranar da aka yi alkawarin biya, ranar biyan ƙarshe da ya shigo hannunka, da ranar takardar ƙarshe da ya sa wa hannu. Ka haɗa da takardar banki da duk wata rasit. Daga ranar da ta fi kusa cikin ukun ƙarshe, ƙara shekara 5. Idan abin da ya rage bai kai wata shida ba, ko dai a samu sabon sa hannunsa a wannan makon, ko a shigar da ƙara. Sulhu yana iya ci gaba bayan an shigar, kuma idan an daidaita sai a janye.